An ce sai na bayyana kowane layi na kod ɗin da na miƙa, kuma ba duka na fahimta ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar shekarar ƙarshe ce a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma aikin kammala karatuna manhaja ce ta lissafa sakamakon ɗalibai, wadda na haɗa da PHP da MySQL. Saura mako uku mu yi difens, kuma malamin da ke duba aikina ya ce mai jarrabawa daga waje yakan ɗora yatsa a kan kowane layi ya ce a bayyana masa. Gaskiya manhajar tana aiki, amma sashen shiga da kalmar sirri daga wani bidiyon koyarwa na kwafo shi, sashen lissafin maki kuma wani ɗan ajinmu ne ya gyara mini da ya ƙi aiki. Na fara haddace bayanin layukan, amma idan na rufe littafi sai komai ya cakuɗe mini. Barci ma ya fara gagara ta. Ta ina zan fara?

Ɗalibarka daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yata. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki ajiye haddar nan tun daga yau, domin ita ce take cinye miki lokaci, kuma ita ce za ta ba ki kunya a gaban malamai. Hadda tana amsa tambaya guda ɗaya ce kawai, wato "me wannan layin yake yi?", alhali wanda ya daɗe yana zama a kujerar jarrabawa ba ya tsayawa a nan. Da zarar kin ba shi amsar da kika haddace, zai gyaɗa kai ya ce, "To, idan na goge shi fa?" ko kuma, "Me ya sa yake a sama, ba a ƙasa ba?" Wannan tambaya ta biyu ita ce ainihin jarrabawar, kuma ba a iya amsa ta sai an taɓa goge layin da hannu an ga abin da ya faru. Na zauna a irin wannan zama shekaru da dama, kuma cikin minti biyu ake gane wanda ya yi hadda, saboda muryarsa tana gudu santsi a amsar farko, sannan ta tsaya cak a ta biyu.

Kafin ki taɓa komai, ki je wurin malaminki da tambaya ɗaya takamaimiya: shin "kowane layi" ya haɗa da fayilolin da ba ɗalibi ke rubutawa ba? A aiki irin naki akwai kayan aro da kowa ya san na aro ne, kamar Bootstrap da ke tsara kamannin shafi, ko jQuery, ko FPDF idan da shi kike fitar da takardar sakamako. Babu mai hankalin da zai ce ki bayyana dubban layukan da ke cikin `bootstrap.css`, abin da ake so ki sani game da su shi ne sunansu, da aikin da suke yi miki, da wurin da kika kira su a cikin naki kod ɗin. Idan kika ware waɗannan gefe, za ki ga abin da ya rage bai kai yadda yake tsorata ki ba, kuma mafi yawansa maimaici ne, domin shafin ƙara ɗalibi da shafin ƙara kwas da shafin ƙara malami kusan gini ɗaya ne da sunaye daban. Wanda ya fahimci ɗaya da kyau ya fahimci sauran. Abin da yake buƙatar zama na musamman sassa biyu ne, kuma su ne dai waɗanda masu jarrabawa suka fi zuwa kansu a irin wannan aiki: ƙofar shiga da lissafin maki.

Bari mu ɗauki ƙofar shiga. Ban ga naki ba, amma idan bidiyon da kika bi na kirki ne, zuciyar sashen ba za ta yi nisa da wannan ba:

```php
session_start();
$stmt = $pdo->prepare("SELECT id, password FROM users WHERE reg_no = ?");
$stmt->execute([$_POST['reg_no']]);
$user = $stmt->fetch();
if ($user && password_verify($_POST['password'], $user['password'])) {
    $_SESSION['user_id'] = $user['id'];
    header("Location: dashboard.php");
    exit;
}
```

Ki kwafi dukan babban fayil ɗin aikin zuwa wani wuri dabam, ki sa masa suna na gwaji, domin a kansa za ki yi ɓarna, ba a kan wanda kika miƙa ba. Daga nan sai ki bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan kowanne ki yi abu uku a jere: ki rubuta a takarda abin da kike zaton zai faru idan aka cire shi, ki cire shi ki gwada, sannan ki kwatanta abin da kika gani da abin da kika rubuta. Rubuta hasashen kafin gwaji shi ne jigon aikin, domin idan kika fara gwadawa kafin ki rubuta, zuciyarki za ta ce miki ai dama kin san haka zai faru, alhali ba ki sani ba.

Ki fara da `session_start()`. Yawancin ɗalibai suna zaton idan aka cire shi jan saƙon kuskure zai bayyana, amma abin da za ki gani ya fi haka ban mamaki: za ki sa lambar rajista daidai da kalmar sirri daidai, shafin ya motsa, sannan ki tsinci kanki a shafin shiga kamar ba ki yi komai ba. Dalili shi ne saba, wato kwamfutar da ke gudanar da kod ɗin tana aika wa burauza shafuka, ba ta tuna kowa daga buƙata ɗaya zuwa ta gaba, duk shafin da burauza ta nema sabon baƙo ne a wurinta. Wannan layin shi ne yake buɗe wa mai shiga ma'ajiya a kan saba, ya kuma ba burauzarsa wata lamba a cikin kuki mai suna `PHPSESSID`, wadda za ta riƙa nunawa duk lokacin da ta dawo. Idan babu shi, abin da kika zuba a `$_SESSION` yana ɓacewa da zarar shafin ya gama aiki, sai `dashboard.php` ya duba bai ga kowa ba ya mayar da ke ƙofa. Amsar tambayar "me ya sa yake a sama?" ita ma tana nan: kukin yana tafiya ne a cikin kan saƙon da saba ke aikawa, kuma kan saƙo dole ya riga jikinsa fita, don haka idan ko fili guda ɗaya ya fita kafin wannan layin, za ki iya ganin gargaɗin `headers already sent`. Idan kin ga wannan da idonki sau ɗaya, ba za ki sake buƙatar haddace shi ba.

Alamar tambayar da ke cikin layi na biyu ita ce wurin da na fi so ki daɗe, saboda kusan babu mai jarrabawar da zai ga ƙofar shiga bai tambayi tsaro ba. Alamar gurbi ce da aka bari. Ana fara aika siffar umarnin SQL ta hanyar `prepare`, sannan a aika abin da mutum ya rubuta dabam ta hanyar `execute`, ta yadda duk abin da ya rubuta za a ɗauke shi a matsayin bayani kawai, ba zai taɓa zama wani ɓangare na umarnin ba. Don ki ga amfanin wannan, ki rubuta tsohon salon a kwafin gwajinki, inda ake liƙa rubutun mutum kai tsaye a cikin umarni:

```php
$sql = "SELECT * FROM users WHERE reg_no = '$reg' AND password = '$pass'";
```

Sai ki rubuta `' OR '1'='1` a gurbin kalmar sirri, ki kuma sa `echo $sql;` don ki karanta umarnin da ya fito. Za ki ga ƙarshensa ya koma sharaɗin da yake gaskiya a kan kowane layi na teburin, saboda ɗaya kullum daidai yake da ɗaya, ke nan mutum ya shiga ba tare da sanin kalmar sirrin kowa ba. Ɗalibar da ta ce wa malamai, "Na gwada wannan a kwafin aikina, ga abin da ya fito, shi ya sa nake amfani da `prepare`," ta riga ta amsa tambayoyi uku da ba a kai ga yi mata ba. Idan kuwa kika buɗe fayil ɗinki kika tarar tsohon salon ne a ciki, kada ki ɓoye, ki kai wa malaminki a wannan makon ki tambaye shi ko akwai damar gyara kafin ranar. Idan ya ce an rufe karɓar gyara, sai ki shirya faɗar raunin da bakinki tare da yadda ake gyara shi, domin raunin da ɗalibi ya nuna da kansa ba ya yin nauyin wanda aka tono masa.

Akwai ƙaramin abu a layin `if` wanda ake yawan tsallakewa, wato `$user &&`. Idan lambar rajistar da aka rubuta ba ta cikin tebur, `fetch()` yana dawo da `false`, kuma alamar `&&` tana da ɗabi'ar tsayawa da zarar ɓangaren hagu ya zama ƙarya, ba ta ko duba na dama. Ki cire shi ki sa lambar da babu ita, za ki ga gargaɗin da ya fara da `Trying to access array offset`, saboda kod ɗin yana neman kalmar sirri a cikin abin da babu komai a cikinsa. Shi kuma `password_verify` ana tambaya a kansa cewa, "Yaya yake warware kalmar sirrin da aka adana?" Wannan tambaya tarko ce, domin ba ya warware komai. Abin da `password_hash` ya adana ba a juya shi baya, sai dai a ɗauki abin da mutum ya rubuta yanzu, a bi da shi ta hanyar lissafi iri ɗaya tare da gishirin da ke ajiye cikin tsohon rubutun, a ga ko sakamakon ya zo ɗaya. Gishirin nan, wato baƙaƙen da ake zaɓa ba bisa tsari ba a haɗa da kalmar sirri kafin lissafi, shi ne dalilin da zai sa idan kika yi wa ɗalibai biyu rajista da kalmar sirri iri ɗaya, kika buɗe phpMyAdmin, za ki ga abin da aka adana musu ya bambanta. Ki gwada wannan ma. Ki kuma ƙirga tsawon abin da aka adana: na bcrypt, wanda `password_hash` ke amfani da shi idan ba a zaɓi wani ba, baƙaƙe 60 ne, na `md5` kuwa 32 ne. Idan naki 32 ne, to bidiyon da kika bi tsoho ne, domin `password_hash` ya shigo tun PHP 5.5 a shekarar 2013, kuma ki sa ran za a tambaye ki dalilin da ya sa ba ki yi amfani da shi ba.

Saura `exit`, wanda ɗalibai ke ɗauka ado ne. Layin `header` ba ya tsayar da kod, saƙo ne kawai yake aika wa burauza cewa ta koma wani shafi, ita kuwa saba tana ci gaba da gudanar da duk abin da ke ƙasa. A shafin shiga illar hakan kaɗan ce, amma ki duba saman `dashboard.php` da sauran shafukan da aka killace, inda ake korar wanda bai shiga ba. Idan babu `exit` a can, burauza za ta koma ƙofa kamar komai lafiya, alhali saba ta riga ta aika dukan abin da ke shafin, har da makin ɗalibai, kuma wanda ya nemi shafin da `curl` maimakon burauza zai karanta shi tsaf. Na taɓa ganin ɗalibin da aikinsa ya yi kyau ƙwarai ya rasa amsar wannan tambaya guda, kuma abin ya dame ni, domin gwajin minti biyar a ɗakinsa da ya wadatar da shi.

Sashen lissafin maki yana buƙatar wata dabarar dabam, wadda ba ta buƙatar kwamfuta ko wutar lantarki, takarda da biro kawai. A ce zuciyarsa kamar haka take:

```php
$points = 0;
$units = 0;
foreach ($courses as $c) {
    $points += $c['unit'] * gradePoint($c['score']);
    $units += $c['unit'];
}
$gpa = round($points / $units, 2);
```

Ki ja layi a takarda, ki ba kowane suna gurbinsa, sannan ki zama ke ce kwamfutar. Ki ƙirƙiri ɗalibi mai kwas uku a kan ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu suka saba da shi. Kwas na farko mai yunit 3 ne, ya ci 72, wato A mai daraja 5, don haka bayan zagaye na farko `$points` ya zama 15, `$units` ya zama 3. Na biyu mai yunit 2 ne, ya ci 55, wato C mai daraja 3, sai `$points` ya koma 21, `$units` ya koma 5. Na uku mai yunit 3 ne, ya ci 38, wato F, wanda ba ya ƙara komai a `$points`, amma `$units` yana hawa zuwa 8. Idan aka raba 21 gida 8 ana samun 2.625, kuma `round` zai mayar da shi 2.63. Sai ki shigar da wannan ɗalibin a manhajarki ki ga ko ta yarda da takardarki. Idan ta ba ki 4.2, to wani wuri ana tsallake kwas ɗin da aka faɗi, ana raba 21 gida 5, kuma wannan kuskure ne babba a manhajar sakamako. Idan ta ba ki 2.67, to darajojin kawai ake tarawa a raba gida uku ba a kula da nauyin yunit ba. Kin ga yadda lamba ɗaya take gaya miki irin ciwon da wurin da yake, kuma wannan shi ne sanin da mai jarrabawa ke nema.

Bayan haka sai ki matsa wa kod ɗin a bakin iyaka, domin a nan kurakurai ke ɓuya. Ki shigar da maki 69 da 70, da 39 da 40, ki ga harafin da kowanne ya samu, saboda bambancin `> 70` da `>= 70` shi ne bambancin B da A ga ɗalibin da ya ci 70 cif. Ki shigar da 105 ko lamba mai alamar ragi ki ga ko manhajar za ta ƙi karɓa. Ki buɗe sakamakon ɗalibin da bai yi rajistar kwas ko ɗaya ba, inda `$units` zai tsaya a sifili: a PHP 8 shafin zai mutu da `DivisionByZeroError`, a PHP 7 kuwa gargaɗi kawai zai bayar ya ci gaba, don haka ki rubuta `php -v` ki san wanda ke kan na'urarki. Sannan ki ɗauke `$points = 0;` ki mayar da shi cikin zagayen, ki yi hasashe kafin ki gwada. A misalinmu amsar za ta zama sifili, saboda kowane zagaye yana share abin da aka tara, sai na kwas ɗin ƙarshe kaɗai ya rage. Wannan ita ce amsar da za ki bayar idan aka nuna layin farko aka ce me ya sa yake wajen zagaye.

Yanzu maganar ɗan ajinku da bidiyon, wadda na san ita ce take hana ki barci fiye da kod ɗin kansa. Koyo daga bidiyo ko neman aboki ya duba maka kuskure ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, amma kowace makaranta tana da ƙa'idarta a kan iyakar taimakon da aka yarda da shi da yadda ake ambatonsa, kuma malaminki ne ya san ta sashenku. Shawarata ita ce ki gaya masa tun yanzu, a ofishinsa, da kalmomi marasa kwana: sashen shiga daga koyarwa kaza na ɗauko tsarinsa, sashen lissafi kuma wane ya taimaka mini da gyara. Zai iya cewa ki ambaci tushen a cikin kundin, zai iya cewa ki sake rubuta sashen da kanki, kuma duka biyun sun fi sauƙi a yau fiye da a ranar difens. Kada ki yi tunanin ba za a gane ba, domin kod yana da hannu kamar yadda rubutun biro yake da hannu. Fayil ɗaya yana amfani da `$pdo`, na kusa da shi yana amfani da `mysqli_query`, a nan sunaye irin `$reg_no` ne, a can kuma `$studentID`, ga bayanan gefe da ke maganar kayan kanti a cikin manhajar sakamakon ɗalibai. Malamin da ya duba ayyuka masu yawa yana ganin waɗannan kafin ya gama zama.

Ki koma wurin ɗan ajin naku, amma kada ki ce ya bayyana miki kod ɗin, domin bayanin wani yana shiga kunne da daɗi ya fita ba a riƙe komai ba. Ki tambaye shi abu biyu kawai: me ya tarar ya lalace, kuma wane layi ya canza. Daga nan ki mayar da kuskuren a kwafin gwajinki, ki ga yadda ya ɓata lissafin, ki gyara shi da hannunki. Gwaji na ƙarshe ga sassan biyu shi ne ki rufe komai, ki buɗe fayil marar komai, ki sake rubuta sashen daga kanki. Ba lallai ya zo kalma da kalma ba, abin da ake so shi ne ya yi aiki. Duk inda hannunki ya tsaya, nan ne ramin da ya rage, kuma gara ki faɗa cikinsa a ɗakinki. Idan kuma kika ci karo da fankshin ko fayil da babu inda ake kiransa, ragowar abin da aka kwafo, to ki nemi izinin cire shi, saboda layin da ba ya aiki ma ana iya ɗora yatsa a kansa.

Game da rabon kwanakin, ni da zan ba makon farko ga zuwa wurin malami da waɗannan sassa biyu, kada ki bar su sai kin iya sake rubuta su. A mako na biyu sai ki bi tafiyar bayani guda ɗaya daga farko har ƙarshe: malami ya rubuta maki 72 a fom, ya danna maɓalli, wane fayil ne ya karɓa, a wane suna aka ajiye shi, wane tebur ya shiga, ta wace lamba aka haɗa shi da ɗalibin da kwas ɗin, kuma wane umarni ne ya ɗauko shi ya sa a takardar sakamako. Wanda ya iya ba da wannan labari yana nuna fayilolin da yatsa ya mallaki aikinsa, kuma duk layin da aka nuna masa zai san matsayinsa a cikin tafiyar. A mako na uku ki ba wata ƙawarki kundin da aka buga, ta buɗe shafi ba zaɓi, ta ɗora yatsa, ki amsa da babbar murya da Turancin da za ki yi magana da shi a ranar, domin abin da mutum ya fahimta da Hausa a zuciyarsa yakan maƙale idan bai taɓa furta shi da harshen jarrabawa ba. Ki sa ta riƙa bin kowace amsa da "idan aka cire fa?" ko da ita kanta ba ta san amsar ba.

Kwana uku kafin ranar ki daina taɓa kod ɗin gaba ɗaya, kuma ki tabbatar wanda ke kan na'urarki shi ne wanda ke cikin kundin da ke hannun malamai, domin yana da wuya a kare aiki idan layi na 40 a takardarsu ba shi ne na 40 a allonki ba. Ki kashe intanet ki buɗe manhajar, saboda idan daga yanar gizo shafukanki ke ɗauko Bootstrap, za su wargaje a ɗakin da babu sabis. Ki fitar da kwafin rumbun bayanan a fayil mai ƙarewa da `.sql` ki ajiye a filashi, ki cika batir, ki ƙara girman rubutun allo yadda na bayan ɗaki zai gani.

A cikin ɗakin, idan aka nuna layi, ki karanta shi a nitse tare da layi biyu na samansa kafin ki buɗe baki, babu wanda zai ƙirga miki wannan shirun. Ki fara da aikin da sashen yake yi, sannan ki sauko kan layin, kuma kada ki karanta musu alamomin da ke rubuce kamar mai fassara, su ma suna ganinsu. Maimakon ki ce "points plus equals", ki ce a nan ake ninka darajar maki da yunit a tara a kan na baya. Idan aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki tabbata ba, sannan ki faɗi iya abin da kika sani da yadda za ki bincika: "Ban gwada wannan ba, amma ina zaton zai dawo da `false`, kuma idan aka ba ni dama zan sa `var_dump` a nan mu gani." Malamai da yawa za su ce ki gwada a nan take, kuma tunda kin shafe mako uku kina cire layi kina mayarwa, hannunki zai san inda zai je. Idan kuma aka tambaye ki kai tsaye ko ke kika rubuta sashen shiga, ki ba da amsar da kika riga kika ba malaminki a ofishinsa, ki ƙara da abin da kika canza a ciki da dalilin canzawar.

Allah ya ba ki sa'a, 'yata. Ki fara yau da daddare da kwafin gwajin da layin `session_start()`, kuma gobe da safe ki nemi ganin malaminki.